Sauke tsohon rufin asbestos ba tare da an fasa shi ba

A tsofaffin makarantun firamare, da barikokin 'yan sanda, da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, da rukunin gidajen gwamnati da aka gina tsakanin shekarun 1960 da 1990, akwai wani rufi da kusan kowa ya sani ko da bai san sunansa ba. Launinsa toka-toka ne, yana da kauri da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya ƙara idan ana ruwa, kuma ɗakin da ke ƙarƙashinsa ya fi na kwanon ƙarfe sanyi. Shi ne kwanon asbestos. Masana'antu a Ikeja da Inugu da Safele da Kano da Bauci sun yi shekaru suna buga shi, shi da fallayen silin masu santsi da ake yi da haɗi iri ɗaya. Yanzu da yawa daga cikin waɗannan rufuna sun haura shekara 40, sun fara yoyo, masu gidaje kuma suna son musanya su da kwanon zamani. A ranar musanyar ne haɗarin da ya daɗe yana kwance yake tashi.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, amma idan aka ɓarje shi sai ya warware ya zama zare-zare. A kwanon rufi, wannan zaren bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura duk siminti ne. Aikinsa a ciki irin aikin ciyawar da magina ke cuɗawa da laka ne kafin su yi tubali: tana riƙe ƙasar kada ta tsage, ƙasar kuma tana riƙe da ita. Muddin simintin yana nan daram, zaren a ɗaure yake, kuma mutanen da ke kwana a ƙarƙashin rufin ba sa shaƙar wani abin a zo a gani. Da zarar an fasa, ko an yanka, ko an huda, ko an kankare, sai zaren ya kuɓuce. Wanda ya fi illa a cikinsa ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa, kuma yana iya yin sa'o'i yana shawagi a iska bayan ƙurar da ake gani ta lafa.

Idan zaren ya isa can cikin huhu, jiki ba ya iya narkar da shi, tari kuma ba ya fitar da shi duka. Yana haddasa ƙanƙancewar huhu, da sankarar huhu, da wata muguwar sankara ta fatar da ta lulluɓe huhu wadda likitoci ke kira mesoteliyoma. Cutar ba ta bayyana a wannan shekarar ko ta baɗi. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki, kuma ƙasashe sama da 50 sun haramta shi baki ɗaya: Birtaniya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Mai shan sigari da ya shaƙi wannan ƙura, haɗarin sankarar huhu gare shi ninki-ninki ne. Abin da ya fi damuna shi ne wannan dogon jinkiri. Yaron kafinta mai shekara 17 da ya fasa rufi yau zai koma gida lafiya lau, ya ci tuwonsa. Idan numfashi ya fara gagararsa yana ɗan hamsin, da wuya wani ya tuna da wancan rufin, sai a yi ta zaton tarin fuka ne.

Kafin a taɓa komai

Tambayar farko ita ce ko ma akwai buƙatar sauke rufin. Idan bai tsage ba, ba ya yoyo, fuskarsa ba ta fara zubar da gari ba, barinsa a inda yake ya fi cire shi da ganganci aminci. Kada a goge shi da buroshin waya, kada a wanke shi da injin ruwa mai ƙarfi irin na masu wankin mota, domin duka biyun suna kankare simintin sama su tone zaren. Amma idan fallayen sun tsattsage, ko iskar farkon damina ta ɗaga wasu ta karya, ko katakon da ke riƙe da su gara ta cinye, to sai an sauke.

Ido ba ya bambanta kwanon da ke da asbestos da wanda ba shi da shi. Daga baya manyan masana'antun sun koma haɗa siminti da wasu zaruruwan daban, kuma sabon yana kama da tsohon ƙwarai. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya tabbatarwa. Wasu sukan karya gefen falle su duba ko akwai gashi-gashi, wasu su kanga masa ashana. Wannan ba gwaji ba ne, sakin ƙura ne kawai. Duk rufin siminti da aka kafa kafin shekara ta 2000 a ɗauke shi a matsayin mai asbestos, a yi masa aikin da ya dace.

A nan ina magana ne kan kwano mai tauri wanda simintinsa ke riƙe. Akwai wani asbestos mai laushi kamar auduga da ake naɗe bututun tukunyar tururi da shi a tsofaffin masana'antu da asibitoci. Wannan ba aikin kafinta ba ne ko kaɗan, sai kamfanin da ya ƙware yake da kayan aikin. Haka ma kwanon da gobara ta ci, ko wanda ya ruɓe har yana marmashewa a hannu.

Mu ɗauki aji guda

Bari mu bi aikin a kan ajin makaranta guda, mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7. Idan aka haɗa da gangaren rufin da bakinsa da ya zarce bango, faɗin rufin zai kai wajen murabba'in mita 80. Falle mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3 da rabi ba ya rufe girmansa duka, tunda ana ɗora bakin wani kan wani, saboda haka ajin zai ci falle 48 ko kusa da haka. Mai kaurin nan kowane ɗaya yakan kai kilo 30. Ke nan kusan tan ɗaya da rabi ne za a sauke daga sama da hannu, kuma a cikinsa akwai asbestos zalla da ya kai kilo 150 zuwa 200. Wanda ya yi wannan lissafin ba zai yarda mutum biyu su ce za su gama kafin azahar ba. Aikin mutum biyar ne: biyu a sama, biyu masu karɓa, ɗaya mai feshi da kula da ƙasa.

A zaɓi lokacin hutun makaranta, kuma ranar da iska ba ta kaɗawa. Tsakiyar hunturu ba lokacin wannan aiki ba ne, domin iskar tana busar da ruwan feshi nan take, ta kwashi ƙurar ta kai gidajen maƙwabta. Sanyin safiya ya fi. A sanar da maƙwabta su rufe tagogi, su kwashe shanya da abincin da ke waje, su tsare yara. A kewaye wurin da igiya. A fitar da kujeru da duk abin da ke cikin ajin, a shimfiɗa leda mai kauri a daɓen ciki da kuma ƙasan da ke kewaye da bango, a danne ta da duwatsu. A yanke wutar lantarkin ginin, tunda za a yi aiki da ruwa kusa da wayoyi. Idan indararo yana zuba a tanki ko randa, a raba su tukuna.

Takunkumin da ya dace shi ne wanda aka rubuta FFP3 ko P100 a jikinsa, kuma dole ya manne da fuska ba tare da kafa ba. Takunkumin asibiti na shuɗin yadi, ko ƙyalle, ko bakin rawani, ba sa tare wannan zaren. Akwai wata magana da ba a cika faɗa ba: takunkumi ba ya mannewa a kan gemu, iska takan bi ta tsakanin gashin ta shiga. Ma'aikaci mai gemu a ba shi aikin da ke nesa da ƙurar, kamar tsaron igiya ko kawo ruwa. A sa rigar aiki mai haɗe da hula wadda ake yarwa bayan an gama, da takalmin roba marar igiya, saboda yana wankuwa. Ba ci, ba sha, ba goro, ba sigari a cikin igiya. Madarar da wasu ke sha bayan aikin ƙura ba ta wanke komai a nan. Madara ciki take tafiya, zaren kuwa huhu ya nufa.

Kada kowa ya taka kwanon. Tsohon asbestos ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar kwanon ƙarfe, ɓallewa yake yi farat ɗaya, mutum ya faɗo ta ciki. Sankara sai bayan shekaru, faɗowa kuwa a ranar take kashewa. In da hali a yi aikin daga ƙasa, a kan dandamalin magina da aka kafa a cikin ajin da gefen bango. In dole sai an hau, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri wanda ya ratsa kan katakan rufi aƙalla uku, a ɗaure shi, a taka shi kaɗai. Jiƙaƙƙen kwano yana da santsi sosai.

A jiƙa fallen kafin a taɓa shi. Famfon feshi na goyo irin na manoma ya wadatar, in an wanke shi tas daga maganin ƙwari. A zuba ɗan sabulun ruwa a ciki, don ruwan ya kama jikin simintin maimakon ya gangare. Feshi ake so mai laushi, sama da ƙasa, har fallen ya yi duhu, ba ambaliyar da za ta kwashe gari ta malala da shi cikin kwata ba. Idan ya fara bushewa a ƙara.

Gwanintar tana wurin ƙusa

Kusan duk fallen da ya fashe a irin wannan aiki, a wurin ƙusa ya fashe. Kafinta ya saba da kwanon ƙarfe: ya cusa bakin hama a ƙarƙashin hular ƙusa, ya dogara a kan kwanon, ya fizge. Idan ya yi haka a kan asbestos, duk ƙarfinsa yana sauka a kan tudu guda na tsohon siminti, sai ya rotse. Daga nan sai gajiya ta sa a ce a bubbuge kewayen kowace ƙusa kawai a ɗaga fallen. Falle 48, kowane da ƙusa huɗu ko shida, ramuka sama da ɗari biyu ke nan da aka farfasa a daidai hancin ma'aikaci.

Akwai hanyar da ta fi, kuma tana cikin yadda aka kafa rufin tun farko. Ba a buga ƙusa a kwarin kwano inda ruwa ke bi, a kan tudu ake bugawa. Tudun kuwa bai taɓa katako ba. Tsakaninsa da katakon akwai sarari kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin rufin ya ɗaga kai zai ga jikin ƙusar tsirara a wannan sararin. A nan ake yanke ta, da babban almakashin yankan rodi, ko da zarton ƙarfe na hannu, ba tare da an taɓa simintin ba. Sai a zare guntun da ke sama da yatsu, tare da wosharsa, a jefa a buhun shara. A ginin da ke da ƙarafa maimakon katako, ƙugiya ce mai noti take riƙe da fallen, ita ma daga ƙasa ake datse ta. Bayan shekara 40 notin ya riga ya ci tsatsa, kokawa da shi da sifana ba ta haifar da komai sai tsaga.

Idan babu hanyar shiga ta ƙasa, sai a bi ta sama da haƙuri. A dama sitaci mai kauri a shafa a kewayen hular ƙusar, don ya kama garin da zai fito. A damƙe hular da filaya mai kullewa, a murɗa ta a hankali tana fitowa, domin yawancin waɗannan ƙusoshin jikinsu a murɗe yake. In sai an dogara, a ɗora guntun katako a kan tudu uku ko huɗu, a dogara a kansa. Injin yanka mai faifai irin na masu walda kuwa kada ya kusanci wurin, ko da ƙusa kawai aka ce za a yanke da shi. Ya ɗan goga simintin na daƙiƙa kaɗan, ƙurar da zai tayar ta fi ta dukan sauran aikin.

Ana sauke rufi ne ta bayan yadda aka kafa shi. Da farko a cire murfin ƙoƙuwa inda gangaren biyu suka haɗu. Sannan layin sama, a fara da fallen da bakinsa ke kan na kusa da shi, wanda babu abin da ya danne shi. Wanda ya fara daga ƙasa zai riƙa zaro falle daga ƙarƙashin wani, suna gugar juna. Inda fallaye biyu suka haɗu akwai garin da ya taru shekara da shekaru, saboda haka da an ɗan ɗaga a fesa ruwa a tsakani kafin a ƙarasa. Mutum biyu su ɗaga shi sama, kada su ja shi a kan na ƙasa. A miƙa shi hannu da hannu, ko a zura shi da igiya biyu. Ba a jefowa, ko da a kan yashi ne.

Duk da haka wani zai fashe, musamman wanda dama ya tsage. Idan ya faru, a dakata, a jiƙa gutsattsarin, a tsince su da hannu a zuba a buhun leda mai kauri, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a ƙara farfasa babban guntu don ya shiga buhu. A naɗe shi yadda yake.

Ana gane aikin da ke tafiya daidai daga nesa. Babu ƙarar guduma, babu farin gari a kafaɗun ma'aikata ko a kan ledar ƙasa, fallayen da ke sauka suna da duhun danshi, ramukan ƙusa a jikinsu ƙanana ne kamar yadda aka huda su tun farko. Mai gida da ya ji ana ƙwanƙwasa, ko ya ga ramukan sun zama kamar tafin hannu, ya tsayar da aikin.

Silin asbestos, in akwai, aiki ne na daban kuma ya fi wuya, domin fallayensa sirara ne, an kafe su da ƙananan ƙusoshi masu yawa. Kada a taka shi daga sama. In za a bar shi, a shimfiɗa leda a bayansa kafin a fara cire rufin, don kada ɓaraguzai su taru a kai.

Naɗi, shara da binnewa

Tun kafin fallen farko ya sauko, a shimfiɗa leda riɓi biyu a inda za a ajiye shi. Kaurinta ya kai maikuron 200 zuwa 250, irin wadda magina ke sawa a ƙarƙashin daɓe. Ledar shanya ko ta kasuwa yagewa za ta yi a kusurwar farko. A ɗora falle biyu, tudu cikin tudu, a naɗe su suna jiƙe, a liƙe duk bakin da salatif mai faɗi, a rubuta a jiki da Hausa da Turanci cewa asbestos ne, kada a buɗe. Falle biyu kilo 60 ne, iyakar abin da mutum biyu za su ɗauka ba tare da sun ja shi a ƙasa ba. Ajin namu zai ba da ƙunshi 24, kuma zai ci leda wajen murabba'in mita 300. A sa kuɗinta a lissafi tun farko, don ita ce abin da ake fara tsallakewa idan kuɗi ya yi ƙasa.

Tsintsiya ba ta da aiki a nan. Shara a bushe tana mayar da duk abin da ya kwanta cikin iska. A goge katakan rufi da saman bango da jiƙaƙƙen tsumma, kuma tsumman da ya yi datti kada a mayar da shi cikin bokiti, a jefa shi a buhu a ɗauki sabo. Laka da ganyen da ke cikin indararo cike suke da zaren da ruwan sama ya wanko shekara da shekaru, a kwashe su a jiƙe. A naɗe ledar ƙasa daga gefe zuwa tsakiya. Daga ƙarshe ma'aikaci ya goge rigarsa da takalminsa, ya tuɓe rigar yana juya cikinta waje, ya sa ta a buhu, sannan ya cire takunkumi a ƙarshen komai, ya yi wanka. Kada tufafin aikin su je gida. A ƙasashen da aka yi bincike, an sami mata da suka kamu da mesoteliyoma ba su taɓa shiga masana'anta ba, kakkaɓe kayan mazajensu kawai suke yi kafin wanki.

Asbestos ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa. In aka jefa kwanon a wuta, fashewa yake yi da ƙara yana watsa gutsattsari. Makomarsa ɗaya ce, a binne shi inda ba za a tono ba. A nan ne al'adarmu ta rashin yar da abu mai amfani take cutar da mu. Tsohon falle yakan koma rufin akurkin kaji, ko dangar makewayi, ko murfin kwata, kuma kowane sabon amfani yana nufin sabon yanka da sabuwar huda. Mafi muni shi ne zuba ɓaraguzan a ramin hanya da damina. Duk motar da ta wuce tana niƙa su, rani na zuwa iska ta raba wa unguwa. Sayar da shi ko kyautar da shi ga wanda bai san mene ne ba, a ganina, zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Kafin ranar aiki a tuntuɓi hukumar muhalli ko ta kwashe shara ta jiha, kamar REMASAB a Kano ko KEPA a Kaduna, ko ofishin NESREA ta tarayya, a faɗa musu abin da ake da shi da yawansa, a nemi su nuna wurin da aka yarda a binne. A kai ƙunsassun a mota a kwance, a ɗaure, a rufe da tamfol. A sauke su da hannu. Tifa ta ɗaga baya ta zazzage su, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Kada a bar su a saman bola, domin masu tsince-tsince za su yage ledar a ranar.

A ƙauyen da babu irin wannan wuri, a nemi izinin hukuma da mai unguwa a haƙa rami a keɓaɓɓen fili, wanda ba gona ba, ba fulotin da za a gina ba, ba hanyar ruwa ko bakin kududdufin da zaizaya za ta tone ba. Ga ajin namu, rami mai mita 2 da rabi kowane gefe da zurfin mita 2 zai ɗauki ƙunsassun a jere biyu, ya bar aƙalla mita guda na ƙasa a samansu. A jera su a hankali, a fara rufewa da ƙasa mai laushi marar duwatsu. Zaren ba ya tafiya a cikin ƙasa; abin tsoro shi ne mai haƙa tushen gini ko masai bayan shekara 20. Don haka a kafa alama ta kankare a wurin, a rubuta abin da aka binne da ranar da wurin a takarda, a ajiye kwafi a makarantar, a kai wani ofishin ƙaramar hukuma.

Duk wannan yana rataye ne a kan yadda aka yi ciniki da kafinta. Idan kwangila ce ta a sauke a kafa sabo a kan kuɗi guda, saurinsa ne ribarsa, kuma guduma ta fi almakashi sauri. Mai gida ko shugaban makaranta ya ware kuɗin saukewa daban, ya sayi takunkumi da leda da rigunan da kansa, sannan ya biya a kan kowane fallen da ya iso ƙasa lafiyayye, a ƙirga su tare kafin a naɗe.